Tabbatar da takardu da ranar kama aiki: mai kula da sito, Sharaɗa

Talata, 13 ga Janairu, 2026
Zuwa ga Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya sanyi?

Takardar ɗaukar aiki ta iso ni, na sa hannu na mayar ta wannan adireshin tun ranar Juma'a. Na gode ƙwarai. Akwai abubuwan da nake so mu daidaita kafin in taso daga Zariya.

Babba a cikinsu ranar farawa ce. Takardar ta ce Litinin 26 ga Janairu, amma sanarwar barin aiki ta wata ɗaya da na ba wurin da nake yanzu sai Juma'a 30 ga wata za ta cika, kuma a makon ne za a ƙirga kayan sito in miƙa makullai. Ina roƙon a mayar da ranar Litinin 2 ga Fabrairu, idan hakan ba zai kawo cikas ba.

Na tanadi takardar babbar difiloma, ta kammala hidimar ƙasa, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da lambar NIN. Sai dai a takardar makaranta an rubuta sunana Muhammad, a NIN da banki kuwa Mohammed. Shin wannan zai hana wani abu? Ina da asusun fansho tun wurin aikina na yanzu, ko sai na buɗe sabo? Masu tsaya mini kuma, ɗaya yayana ne, ma'aikacin gwamnatin jiha.

Sannan a taimaka mini da bayanin ranar farko: ƙarfe nawa, wace ƙofa, wa zan nema. A Na'ibawa zan sauka.

Allah ya ƙara girma.
Sabon mai kula da sito

Alhamis, 15 ga Janairu, 2026

Wa'alaikumus salam Malam, barka da war haka. Sanyi lokacinsa ne.

Na zauna da manajan sito jiya, mun amince da Litinin 2 ga Fabrairu, 2026. Gara ma haka, domin wanda ya gudu ya bar ƙirgan kaya a wani wuri ba shi muke so ya riƙe mana namu makullan ba. Gobe zan turo maka gyararriyar takarda mai sabuwar ranar. Ka sa hannu a kowane shafi, ka dawo da ita kafin Laraba 21 ga wata. Kada ka raina wannan: daga ranar da ke cikin takardar ake lissafin albashi, hutun shekara da watanni shida na gwaji, saboda haka amincewar baki ko ta waya ba ta wadatar ba. Tsohuwar takardar ta daina aiki.

Batun suna shi ne wanda ya fi buƙatar hanzari. Ga takardar makaranta, rantsuwar kotu ta isa. Ka je babbar kotu a nan Kano ko can Zariya, ka yi rantsuwa cewa rubutun biyu duka sunanka ne, ka kawo ta asali. Mu kuma za mu shigar da kai rajistar albashi da rubutun da ke NIN da BVN, harafi da harafi. Abin da nake so ka duba yau shi ne sunan da ke asusun fanshonka da ranar haihuwar da ke ciki. Idan suka saɓa da NIN, ka je ofishin kamfanin fanshonka su sabunta bayananka, domin a irin wannan saɓanin ne kuɗi ke maƙalewa, mu mun tura, kai kuma ba ka gani ba. Ka duba jerin sunayen ma, wanne ne farko, wanne ne na mahaifi. An fi samun kuskure a nan fiye da rubutun harafi.

Kada ka buɗe sabon asusun fansho. Mutum ɗaya, asusu ɗaya, kuma yana bin ka duk inda ka koma aiki. Idan wani wakili ya tare ka da fom yana cewa sabon aiki sai sabon asusu, ka ƙyale shi. Abin da muke buƙata kawai sunan kamfanin fanshon da lambarka mai farawa da PEN, tare da takardar da suka ba ka lokacin rajista ko bayanin asusu na baya-bayan nan. Bisa dokar fansho ta 2014 za mu cire kashi 8 cikin 100 daga ɓangarenka, kamfani ya ɗora kashi 10, ana lissafi a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota. Ka nemi wurin aikinka na yanzu su nuna maka cewa sun zuba naka har na Janairu. Bin wannan bashin bayan ka tafi yana da wahala.

Kafin Laraba 21 ga wata ka turo mini kwafin takardun nan, kowace a fayil ɗinta na PDF, kada ya wuce 2MB, domin akwatinmu yana mayar da abin da ya fi haka kuma ba ya sanar da ni. Takardar difiloma da ta babbar difiloma, ta sakandare, ta hidimar ƙasa, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, takardar NIN mai lamba 11, lambar asusun banki mai lamba 10 da sunan bankin, sai takardar fansho. Asusun ya zama naka na kanka, ba na haɗin gwiwa ba, ba na ɗan'uwa ba. Idan da waya za ka ɗauka, ka shimfiɗa takardar a wuri mai haske, kusurwa huɗu su fito, lambar takardar ta karantu. Ta hidimar ƙasa muna tura lambarta a tantance, hoto mai duhu kuwa dawo da shi ake yi. Ranar farko ka zo da na asali duka, mu gani mu mayar maka nan take. Ba ma riƙe wa kowa takardarsa ta asali. Takardar sallama daga wurin aikinka na yanzu na san ba za ta samu ba sai 30 ga wata, ka taho da ita a hannu.

Masu tsaya maka biyu muke so, kuma saboda aikin sito ne ba ma sassauci. Yayanka zai iya zama ɗaya idan ya kai mataki na 12 ko sama, amma na biyun kada ya zama ɗan'uwa na jini. Kowannensu zai cike fom da hannunsa, ya liƙa hoto, ya sa hannu a bayan hoton, ya haɗa kwafin katin shaidar aikinsa. Ka gaya musu za a kira su, wataƙila a je har inda suke aiki. Abin da ya fi jinkirta mana mutane shi ne mai tsayawa da ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Har sai an tantance su biyun ba za a ba ka makulli ko ikon sa hannu a takardar fitar da kaya ba, ko da ka fara zuwa.

Gwajin lafiya a asibitin da muke hulɗa da shi za ka yi, a kan Titin Gidan Zu, kamfani ne zai biya. Takardar turawa na haɗe da wannan saƙon. Ka je ranar Asabar 24 ga wata da ƙarfe 8 na safe, ba tare da ka karya ba, saboda gwajin suga. Za su duba hawan jini, ido, fitsari da hoton ƙirji, wanda muke nema domin ƙurar shinkafa da ke sito. Sakamakon kan ɗauki kwana uku, mu za su aiko wa kai tsaye.

Haraji ga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano za mu riƙa biya tunda nan za ka zauna. A sabuwar dokar da ta fara aiki 1 ga Janairun nan, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, kuma akwai rangwamen kuɗin haya na kashi 20 cikin 100, iyakarsa naira 500,000. In ka kama gida, ka kawo rasit da yarjejeniyar haya da sunanka, in ba haka ba ba za mu iya sa maka rangwamen ba. Inshorar lafiya ta ƙunshi kai da maiɗakinka da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saboda haka ka zo da hotonsu ɗai-ɗai da takardun haihuwa. Naka hoton shida, farin bango. Akwai kuma fom ɗin magaji, ka zo da cikakken suna da lambar wayar wanda za ka rubuta.

Muna rufe lissafin albashi ranar 18 ga kowane wata, a biya ranar 26. Idan fayil ɗinka bai cika ba kafin 18 ga Fabrairu, albashinka zai koma na Maris a haɗe, ga shi kuma azumi zai kama a tsakiyar Fabrairun. Ba na so hakan ta same ka, shi ya sa nake matsa maka.

Yanzu ranar farko. Ka iso ƙarfe 7:45, a ƙaramar ƙofar ma'aikata ta gefen masallaci. Babbar ƙofar ta tireloli ce, masu gadi ba za su bar ka ka bi ta can a ƙafa ba. Sunanka zai kasance a littafinsu, ka nuna katin shaida mai hoto, su ba ka katin baƙo, ka ce Sashen Kula da Ma'aikata kake nema, bene na farko, ɗaki na 4. Motar ma'aikata na tashi daga Shataletalen Dangi ƙarfe 7:10, amma direba ba ya ɗaukar wanda ba shi da katin kamfani, don haka ranar ka hau adaidaita sahu daga Na'ibawa, ka fito tun 6:45. Kuma don Allah ka kwana a Kano ranar Lahadi, kada ka ce za ka taso daga Zariya da asuba cikin hazon nan.

Daga 8 zuwa 10 muna tare: duba takardu, ɗaukar hoton kati da zanen yatsa na na'urar shiga da fita. Ƙarfe 10 jami'in kariya zai zagaya da kai, ya nuna maka wurin taruwa in gobara ta tashi da hanyar da injin ɗaga kaya ke bi. Ba wanda ke shiga sito kafin wannan. Bayan sallar azahar za ka koma hannun manajan sito, a tashi ƙarfe 5. Abincin rana a kantin ma'aikata ne, kyauta. Ka sa riga da wando, ba babbar riga ko dogon kaftani ba, saboda bel ɗin injina. Ka turo mini lambar takalminka da girman rigarka, domin a ware maka takalmin kariya, hular kwano da riga mai ƙyalli.

Ba a biyan ko kwabo don fom, kati ko kayan aiki. Duk wanda ya kira ka da sunanmu yana neman kuɗi, ka sanar da ni ta wannan adireshin.

Allah ya kawo ka lafiya.
Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata

Alhamis, 15 ga Janairu, 2026

Ranki ya daɗe, saƙo ya iso, na gode.

Na tabbatar da Litinin 2 ga Fabrairu, ƙarfe 7:45, ƙaramar ƙofa, da asibiti ranar Asabar 24 ga wata. Na duba asusun fansho, suna da ranar haihuwa daidai suke da NIN. Rantsuwar kotu gobe zan yi in sha Allahu. Yayana mataki na 13 yake, na biyun kuwa tsohon malamina ne, zan kai masa fom ranar Litinin in gaya masa za a kira. Takalmi lamba 43, riga L. Takardun za su iso ki ranar Talata 20 ga wata tare da gyararriyar takardar ɗaukar aiki.

A huta lafiya, Hajiya.
Sabon mai kula da sito