Neman alfarma: duba daftarin tambayoyin bincikena

Assalamu alaikum, Farfesa.

Barka da war haka. Ina fata Malam yana lafiya, ya aiki ya iyali. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni ɗalibar digiri na uku ce a fannin gudanar da harkokin ilimi. Wataƙila Malam ba zai tuna ni ba, amma ina cikin waɗanda suka halarci bitar da ka gabatar mana bara kan tsara tambayoyin bincike, ni ce na yi tambaya a kan fassara ana dab da tashi. Malamin da ke duba aikina ne ya ce in rubuto maka, ya kuma ce zai yi maka magana da kansa. Na san ayyuka sun yi wa Malam yawa, shi ya sa na daɗe ina jinkiri kafin in yi ƙarfin halin aiko da wannan saƙo.

Bincikena yana kan abubuwan da ke sa malaman sakandare tunanin barin koyarwa. Na tsara tambayoyi 34 a sashe biyar: bayanan mai amsawa, nauyin aiki, goyon bayan shugabannin makaranta, gajiyar aiki, sai maganar barin aikin kanta. Shida na farko su shekaru ne da matakin karatu da makamantansu, ba sai Malam ya ɓata lokaci a kansu ba. Sauran 28 ɗin nake roƙon a duba mini. Kowace tana da Hausa da Turanci, domin mai amsawa ya ɗauki wanda ya fi masa sauƙi. Na bi hanyar da Brislin ya bayyana a 1970: wata ta fassara daga Turanci zuwa Hausa, wani da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da shi Turanci, muka zauna muka gwada biyun. Sun yi daidai ƙwarai, har na fara jin daɗi. Amma da na zaunar da malamai bakwai, ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya karanta a bayyane yana faɗa mini abin da ke zuwa ransa kafin ya zaɓi amsa, sai murna ta koma ciki. Abin da na rubuta daban, abin da suke ji daban, kuma fassarar ba ta nuna mini haka ba ko kaɗan.

Bari in fara da wadda laifina ne tsantsa. Tambaya ta 17 tana cewa: "Shugaban makarantarmu yana sauraron koke-kokena yana kuma magance su." Wani malamin lissafi ya karanta, ya ajiye biro, ya dube ni ya ce, "Malama, saurara kam yana yi, har da gyaɗa kai. Magancewar ce babu. To ina zan sa hannu?" Na ji kunya, don a bitar nan taka ka gargaɗe mu kan cusa tambaya biyu a jimla guda. Na raba ta gida biyu a daftarin da na aiko, na sa musu 17a da 17b don kada lambobin sauran su rikice. Ina zargin ta 11 da ta 19 ma suna da irin wannan ciwon, sai dai idona ya saba da su har ba na iya gani.

Ta 25 kuwa na juya ta ne da gangan, domin kama masu bin layi ɗaya suna cewa "na yarda" daga sama har ƙasa. Ga yadda ta fito: "Ba na jin cewa ƙarfina yana ƙarewa kafin a tashi daga makaranta." Huɗu daga cikin bakwai ɗin sai da suka karanta ta sau biyu, wata kuma ta zaɓi "ban yarda ba" alhali bayanin da ta yi mini da baki yana nuna yarda take nufi. Korewa a cikin tambaya, ga wata korewa a cikin amsa, sai kai ya ɗaure. Na karanta cewa irin waɗannan tambayoyi da aka juya sukan ware su yi rukuninsu daban idan aka zo tantance alƙaluma, ba don suna auna wani abu daban ba, sai don yadda aka gina jimlar. Ni dai raina ya fi kwanciya da in cire korewar, in rubuta ta kai tsaye, misali "Nakan tashi daga makaranta da sauran ƙarfina." Amma ina son jin ta bakin Malam, domin malamina yana ganin a bar ta yadda take.

Inda na fi buƙatar idonka shi ne kalmomi biyu, gajiya da niyya.

Abin da nake son aunawa a sashe na huɗu ba gajiyar da barcin dare ɗaya ke kawarwa ba ce. Ina nufin wadda ke taruwa wata da watanni har mutum ya wayi gari ba ya ɗokin shiga aji, ɗaliban da yake so a da sun zame masa kaya. Na duba ma'aunin Maslach da Jackson na 1981, amma yana buƙatar lasisi, sai na fi karkata ga na Kopenhagen wanda Kristensen da abokan aikinsa suka fitar a 2005 mai tambayoyi 19, wanda kowa zai iya amfani da shi. Ban kwafo shi ba, na dai ɗauki yadda ya raba gajiyar mutum a karan kansa da wadda aiki ke jawowa da wadda hulɗa da waɗanda ake yi wa hidima ke jawowa, na rubuta nawa. Matsalar ita ce da zarar Bahaushe ya ga "gajiya" a tambaya, amsar da ke bakinsa ita ce "ba gajiya". Wata malama da ta gama ba ni labarin yadda take gyaran takardun jarrabawa har ƙarfe ɗayan dare, da ta zo tambaya ta 22 sai ta yi murmushi ta ce, "Aiki ai da godiya," ta zaɓi "ban yarda ba". Na gwada "gundura", na ga ta fi kusa da ƙosawa. Na gwada "galabaita", wannan kuma ta yi nauyi, kamar wanda ya sha jinya. Yanzu ina tunanin in bar kalmar gaba ɗaya in tambayi abin da ake gani, wato sau nawa a makon da ya wuce mutum ya koma gida ya kasa taɓuka komai, sau nawa ya ji nauyin fita da safe. Ko Malam yana ganin idan na yi haka ban kauce wa abin da nake aunawa ba?

Niyya kuma ta fi ba ni wahala. Tambaya ta 29 tana cewa: "Ina da niyyar barin aikin koyarwa nan da shekara biyu." A rubuce-rubucen da na karanta da Turanci, kalmar da suke amfani da ita tana ɗaukar wanda ya fara saƙe-saƙe kawai da wanda ya riga ya yanke shawara. Niyya a Hausa ba haka take ba, abu ne da aka ƙulla. Wani dattijo cikinsu ya ce mini, "Niyya kuma? A'a, ban yi niyya ba. Amma in na samu wani abin gobe, ba zan kwana ba." A takarda zai fito cikin masu zama, alhali ƙafarsa ɗaya tana waje. Shi ya sa na ƙara ta 30 zuwa ta 32 a matsayin matakai: tunanin bari, tambayar mutane ko akwai gurbi a wani wuri, da tura takardar neman aiki a cikin wata shidan da suka wuce. Ban tabbata ko in bar ta 29 a matsayin matakin ƙarshe ba, ko in sauya ta da "na yanke shawara".

Akwai kuma maganar zaɓin amsa. Na yi amfani da matakai biyar irin na Likert: na yarda ƙwarai, na yarda, tsaka-tsaki, ban yarda ba, sam ban yarda ba. Biyu daga cikin malaman sun ɗauki "tsaka-tsaki" a matsayin "ban sani ba", ɗaya kuma ya fito fili ya ce nan yake fakewa duk inda aka taɓo shugaban makaranta. Ban ga laifinsa ba. Na riga na yanke cewa ba za a rubuta suna ba, kuma ba ta hannun shugabannin makarantu takardun za su dawo ba.

Abu ɗaya da ya kamata in faɗa da bakina kafin Malam ya gano: ta 8, ta 10 da ta 13 kusan magana ɗaya suke yi da kalmomi daban. Na bar su ne don na san maimaici yana ɗaga alfa na Cronbach, ni kuma ina tsoron kada sashen ya gaza 0.70 da masu jarraba mu ke nema. Na san wannan ba hujja ba ce. Idan Malam ya ce a zubar da biyu, zan zubar, in sa wata a kan yawan ɗalibai a aji, wadda yanzu babu ita sam.

Ga yadda aikin yake. Na haɗa fayil biyu da wannan saƙo. Na farko, tambayoyi_daftari3.docx, shi ne tambayoyin da ma'anar kowane sashe a samansa. Na biyu, takardar_masana.xlsx, nan ne za a ba kowace tambaya maki daga 1 zuwa 4 bisa dacewarta da sashen da take ciki, 1 ba ta dace ba sam, 4 ta dace ƙwarai, da fili a gefe don gyara ko sharhi. Ina bin tsarin Lynn na 1986 ne. Masana shida na roƙa, don idan biyar ne ko ƙasa da haka dole sai dukansu sun amince kafin tambaya ta tsira, da shida kuwa ko mutum ɗaya ya ƙi, biyar cikin shida 0.83 ne, ya haura 0.78 da ake buƙata. Amma gaskiya, Farfesa, sharhinka na fi so a kan makin, ko da layi ɗaya ne a gefen tambaya. Cikin shidan, kai da mutum ɗaya ne kawai za ku iya duba Hausar da Turancin tare.

Da na gwada cike takardar da kaina ta ɗauke ni kusan minti arba'in. Kwamitin ɗa'ar bincike zai rufe karɓar takardu ranar 28 ga Maris, don haka in da hali zan so in samu naka kafin 14 ga wata, in sami mako biyu na gyara. Idan lokacin ya yi ƙunci, ko sashe na huɗu da na biyar kaɗai Malam ya duba, ya yi mini komai. Idan kuma ya fi sauƙi a takarda, zan buga in kawo ofis in dawo in karɓa duk ranar da ka ce. Zan so in ambaci sunanka cikin masanan da suka duba tambayoyin a babi na uku, amma sai da izininka.

Na gode ƙwarai da haƙurin karanta wannan dogon saƙo. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Wassalam,
Ɗalibarka