Kalmomi Uku a Gaban Kwali: Jawabi Ga Ɗaliban Sakandare

Assalamu alaikum. Ina gode wa shugaban makaranta da malamai da suka ba ni wannan lokaci. Ƙannena ɗalibai, kun ga abubuwa uku a kan teburin nan: robar yogot, fakitin biskit da kwalbar mayonis. Kowanne da kalmar Turanci a gabansa da manyan haruffa, kuma su ne suka kawo ni yau.

Ga yogot ɗin, an rubuta masa low fat, wato kitsensa kaɗan ne. Wannan ba maganar baka ba ce kawai, tana da ma'auni. Akwai hukumar Codex Alimentarius da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO da WHO, suka kafa a 1963, ita ke tsara ƙa'idojin abinci da ƙasashe da yawa ke bi. A ƙa'idarta, kitsen kada ya wuce giram 3 a cikin giram 100 na abinci mai kauri, ko giram 1.5 a mililita 100 na abin sha. Kalmar ba ta yi ƙarya ba. Amma kitse shi ke ba abinci maiƙo da ɗanɗano, in aka rage shi sai abin ya yi salam, don haka sau da yawa akan cike gurbin da sukari ko sitaci. Juya robar nan, ke da ke gaba, karanta mana layin sukari. Giram 12 a kowane 100. Madalla. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, kun ga cokali uku ke nan, alhali robar ta fi giram 100.

Biskit ɗin kuwa sugar free aka sa masa. Ma'anarsa sukarin bai wuce rabin giram ba a cikin giram 100. To, daga ina zaƙin yake zuwa? Wani lokaci daga sinadarai irin su aspartame da sucralose, waɗanda ɗan ƙanƙani ya isa. Wani lokaci daga sorbitol ko maltitol, su kuma in mutum ya ci da yawa sukan kumbura ciki, har su sa gudawa. Abin da ya fi damuna shi ne masu sayo wa iyaye masu ciwon sukari irin wannan biskit da kyakkyawar niyya, suna zaton komai yawan da aka ci ba laifi. Biskit da fulawa ake yin sa, fulawa sitaci ce, jiki kuma yana mayar da sitaci sukari a cikin jini. Ga kuma man da aka kwaɓa shi da shi yana nan daram. Mai ciwon sukari ya bi shawarar likitansa kan abin da zai ci.

Kada ku haɗa sugar free da no added sugar. Wannan na nufin ba a zuba sukari daga waje ba, amma na asali yana ciki, kamar yadda yake a ruwan 'ya'yan itace.

Sai light, ko lite, wadda ta fi sauran santsi. Ba ta ce kaɗan ba, ta ce ƙasa da na wani ne. A dokar Tarayyar Turai ta 2006, sai an rage aƙalla kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da irinsa na yau da kullum. A Amurka kuwa, a rage kashi ɗaya bisa uku na kalori ko rabin kitse. Ku yi lissafi da ni. A ce mayonis na da kitse giram 75 a cikin 100, aka cire kashi 30. Saura nawa? 52 da rabi. Ku tuna iyakar low fat giram 3 ce. Kuma kowane giram na kitse kalori 9 yake bayarwa, na sukari 4. A kan kwalbar man zaitun ma, light yakan zama bayanin launi da ɗanɗano ne kawai, man dai mai ne.

Ban zo in ce ku ji tsoron kitse ba. Kuna girma, jikinku na buƙatarsa, domin da shi yake amfana da bitamin A, D, E da K. Abin da nake roƙonku shi ne ku riƙa juya kwali. A baya za ku ga jerin kayan haɗi, ana fara rubuta wanda ya fi nauyi. In sukari ya zo na biyu, kun san inda aka dosa, ko da an kira shi glucose syrup ko fructose. Sannan ku kwatanta kaya biyu da layin giram 100, domin kason ci ɗaya da kamfani ke rubutawa yakan zama biskit biyu, wa ke tsayawa a biyu?

Yanzu zan miƙa kayan nan layi-layi. Kowane layi ya nemo mini kitse da sukarin da ke cikin giram 100, ku rubuta a takarda, bayan minti biyar mu ji.