Taƙaitaccen Hukuncin Mai Sasanci: Rikicin Kwangilar Rumbun Hatsi a Dawanau

Ɗan kwangila ya nemi ragowar kuɗinsa naira miliyan 18 da ruwansu. Mai rumbu ya ce rufin yana yoyo, aiki kuma ya makara wata huɗu, ya nemi diyyar miliyan 9.

Mai sasanci ya gano cewa wata uku na jinkirin laifin mai rumbu ne, domin bai biya kason farko a kan lokaci ba. Yoyon kuwa ya tabbata: kwanon da aka sa bai kai kaurin da aka rubuta a yarjejeniya ba.

An cire miliyan 4 na gyara. Mai rumbu zai biya miliyan 14 cikin kwana 30, babu ruwa. Kuɗin zaman sasanci: kashi 70 cikin ɗari a kansa, 30 a kan ɗan kwangila. Kowa ya biya lauyansa.