Idan hoto ya tsaya muna cikin waya

Baba da Inna, hoton nan da ke daskarewa idan muna magana ta WhatsApp ba lalacewar waya ba ce. Hoto ya fi murya cin data, kamar babbar mota ce a lungu: da sabis ya yi rauni sai ya makale, musamman bayan isha'i da kowa ke kan layi.

Ku fito tsakar gida, don bango da rufin kwano suna tare sabis. A saman waya ku ga 4G. In E ce, hoto ba zai tafi ba. Ku danna alamar jirgin sama, ku ƙirga goma, ku sake dannawa. In ya ƙi, ku kashe kyamara mu ci gaba da murya. Sau da yawa ma data ce ta ƙare, Sadiya ta duba muku.