Takarda zuwa ga telanmu na Fagge, saura kwana 6 ɗaurin aure

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, barka da warhaka. Ya aiki, ya iyali, ya yaran shago? Da fatan kowa yana lafiya. Alhaji yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ciwon bayan nan da ka yi masa ƙorafi kwanaki, ko ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Na rubuto takarda ne na ba ƙanena ya kawo maka hannu da hannu, saboda tun ranar Juma'a nake neman wayarka, wani lokaci a kashe, wani lokaci ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ban ɗauki wannan da wata manufa ba. Na san watan da muke ciki. Sha'aban ne, kowa yana so ya yi bikinsa ya sallami baƙi kafin azumi, ga masu ɗinkin Sallah sun fara kawo nasu tun yanzu, ga wutar lantarki da sai ta ga dama take zuwa, ga kuɗin man janareta. Ranar Alhamis da na biyo shagon na ga tulin yadin da ke bayan keke, na san ba zaune kake ba.

Maganar kayan bikinmu ce. Yau Lahadi. Ɗaurin aure ranar Asabar mai zuwa ne, ƙarfe 11 na safe, a Katsina. A baki saura kwana 6, amma idan muka zauna muka yi lissafi, kwanakin da ke hannunmu ba su kai haka ba, kuma wannan lissafin ne nake so mu yi tare.

Ba ranar Asabar za mu tashi ba. Jikin Alhaji ba zai ɗauki sammakon asuba da zaman mota na kusan awa 3 ba, sannan a ce ya sauka ya wuce cikin taro kai tsaye. Don haka mun tsayar da tafiya ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, mu bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya mu shiga Katsina da sauran rana, ya kwana ya huta. Ka ga ke nan ranar Juma'a da safe kaya suna cikin akwati. Ranar Alhamis kuwa ta masu bugu ce, kuma ka fi ni sanin yadda layinsu yake a irin wannan lokaci. In ba a kai musu da sassafe ba, sai su ce a dawo gobe. Kafin bugu dole Alhaji ya gwada, in akwai gyara a gyara. To ranar da ta rage ita ce Laraba. Ita ce ranarmu ta gaskiya, Malam, ba Asabar ba.

Bari in tuna maka abin da ke wajenka, don kada yara su haɗa da na wasu. Mako 7 ke nan da na kawo su daga Kantin Kwari. Akwai farar shadda yadi 10 ta Alhaji, babbar riga da 'yar ciki da wando. Akwai ta ango yadi 5, ruwan sararin samaniya, kaftani da wando. Akwai tawa yadi 5, ruwan toka, sai na yarana biyu, yadi 3 kowanne. Mun yi jinga a kan naira dubu 140 gaba ɗaya, har da kuɗin mai aikin hannu, na ba da kafin alƙalami dubu 90, ka rubuta a littafinka a gabana. Cikon dubu 50 yana ajiye, ban taɓa shi ba. Ka ce mini mako 5 ya isa, daga baya ka ƙara mini zuwa Litinin ɗin da ta wuce, ban ce komai ba don na san aikin hannu ba a yi masa gaggawa.

Ranar Alhamis ɗin da na zo ban same ka ba, sai babban yaronka. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni wuri na zauna, ya nuna mini kaftanin ango an yanka amma ba a haɗa ba. Da na tambayi babbar rigar, sai ya ce tana Zariya wajen mai aiki, bai san ranar dawowarta ba. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Rigar Alhaji ita ce gaba da komai, kuma kai ka san dalili. Angon nan ɗan marigayi ƙaninsa ne. Yana shekara 4 aka kawo shi gidanmu, a hannun Alhaji ya tashi, shi ya sa shi makaranta, kai ma ka sha ɗinka masa kayan Sallah tare da namu tun yana ɗan mitsitsi, ana ɗora shi kan benci kafin ka iya auna tsawonsa. Ranar Asabar Alhaji ne zai zauna gaban dangin amarya ya nema masa aure, ya miƙa sadaki, ya karɓa. Tun da aka sa rana ba shi da zance sai wannan. Shi da bakinsa ya ce aska takwas yake so, na hannu, da zare ruwan madara, irin wanda ake yi a cikin birnin Zariya, domin irinta ƙanin nasa ya sa ranar nasa auren. Mutumin da bai damu da sutura ba, wanda sai mun matsa masa yake yarda a yi masa sabon ɗinki, shi ne yanzu kullum bayan sallar isha'i sai ya tambaye ni, "Malam ya aiko?" Ni kuma in ce masa ana kai. Jiya da ya sake tambaya sai na ji nauyin amsar a bakina, don ni kaina ban san inda aikin ya tsaya ba.

Saboda haka abin da nake roƙo na farko ba rigar ba ce, labarinta ne. Don Allah ka kira mai aikin yau, ka ji inda ya kai. Ya gama asake da aljihu? Ya taɓa tambarin baya? Saura wuya kawai, ko da sauran tafiya? Duk yadda yake ka faɗa mini yadda yake, ko da ba mai daɗin ji ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan an gama ko saura kaɗan, kada a jira sai an sami mai zuwa Kano. Ƙanena zai hau mota a Unguwa Uku gobe da sassafe, ya je Zariya ya karɓo, kafin la'asar tana shagonka da yardar Allah. Kuɗin motar a kaina, ba zan cire shi daga cikonka ba. Ka dai haɗa shi da mai aikin, ka gaya masa wanda zai zo.

Idan kuma ka ga ba za ta yiwu zuwa Laraba ba, to ina so in sani kafin azahar ɗin gobe Litinin. Akwai babbar rigar da ka yi wa Alhaji lokacin auren yayata, mai aska biyu, tana nan lafiyarta ƙalau a ƙasan akwati. Za a iya fito da ita a wanke, a sa sitaci, a kai bugu. Amma ita ma tana son kwana 2 ko 3, kuma ina buƙatar lokacin da zan zauna da Alhaji in lallashe shi a hankali. Abin da nake gudu shi ne a ce ranar Alhamis da daddare ne zan shiga ɗakinsa in gaya masa babu riga.

Wani abu kuma da nake so in roƙa tun kafin ya zo a ran wani: kada a ƙarasa aikin da keke don a cika alƙawari. Na san ana yi idan lokaci ya ƙure, a yi gaba da hannu a cike baya da keken surfani, kuma daga nesa ba kowa zai gane ba. Alhaji zai gane. Juya riga yake yi ya duba bayan ɗinki, kai ma ka sha ganinsa yana yi a shagonka. Gara ya sa tsohuwar, sabuwar ta zo a kammale ko da sai Sallah.

In Allah ya sa ta iso, ga abubuwan da za a kula da su. Awon da ke littafinka na kafin rashin lafiyarsa ne, kuma ya rame sosai tun daga lokacin. Babbar riga ba ta da matsala, wando ma mazagi ne zai riƙe shi, amma 'yar cikin za ta zubo masa a kafaɗa idan aka bi tsohon awo, hannun ma zai rufe masa yatsu. Ka yi mata ɗaurin wucin gadi tukuna, zan kawo shi ranar Laraba bayan la'asar ya gwada. Idan fitowar za ta yi maka wuya a shirya, ko ka ga shagon ya cika da jama'a, ka turo yaronka gida da tef, mu ma ya fi mana sauƙi. Sannan farar shadda ce, ta yi makonni a hannun mai aiki, ga ƙurar hunturu. A duba sawun zane da dattin hannu a goge kafin a kai bugu, don in aka buga da shi ya zauna ke nan. Kuma bugu yake so, kada a ɗora mata dutsen guga.

Na ango shi ne na biyu. Tunda an riga an yanka, haɗawa ce da aikin wuya da maɓallai, na san wannan aikin yini ɗaya ne a hannunka. Ya ce in tuna maka aljihun gefe biyu, da ƙaramin na ciki na waya, kuma tsawon ya sauka ƙasan gwiwa sosai kamar yadda kuka yi magana. Shi ma zai zo ranar Laraba tare da mu.

Nawa da na yara kuwa, ka ajiye su gefe. Da gaske nake. Ina da abin da zan sa, yaran ma na Babbar Sallah bai matse su ba tukuna. Kada ka raba hankalinka gida biyar, ka tara shi kan waɗannan biyun. Idan an sami sarari bayan biki sai a yi mana, su zama na Ƙaramar Sallah. Idan kuma kuɗi ne ya riƙe wani abu, ko mai aikin Zariya yana jiran nasa kafin ya saki rigar, ko man janareta, ka gaya wa ƙanena. Na ba shi dubu 20 daga cikon ya taho da ita, ka karɓa ka rubuta, sauran dubu 30 ranar Laraba.

Malam, fiye da shekara 20 ke nan babu wanda ya taɓa sa almakashi a yadin Alhaji sai kai, kuma ban kai wa kowa wannan maganar ba, ko Hajiya ba ta san rigar ba ta dawo ba. Katinka na ɗaurin aure yana cikin ambulan ɗin nan. Alhaji ya ce a ajiye maka wuri a motarsa in za ka samu zuwa, a gaya maka tashi ƙarfe 2 da rabi ne daga gida.

Na ce wa ƙanena ya jira ka ko zuwa magariba ne, ya taho mini da amsa, ko a baki ko a bayan takardar nan. Wayata kuma tana kunne har dare. Ka gaida mutanen gida da yaran shago.

Wassalam.

Ɗanka,
babban ɗan Alhaji na Gwammaja