Iyaye mata, ku faɗa wa 'yarku batun jinin al'ada tun kafin ta gani

Assalamu alaikum iyaye. Makon jiya wata yarinya 'yar shekara 12 a ƙauyenmu nan gefen Ringim ta yi kwana biyu tana ɓoye zaninta a bayan rumbu, ba ta ci ba ta sha, ashe jini ta gani ta ɗauka wata muguwar cuta ce ta kama ta, kuma tana tsoron a ce ta yi wani abin kunya. Kakarta ce ta gano. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba laifin yarinyar ba ne, mu ne ba mu faɗa mata ba.

Na san akwai kunya, musamman in 'yar fari ce wadda ko sunanta ba kya iya faɗa. To in bakinki ya yi nauyi ki sa goggonta ko ƙanwarki ko kakarta, amma dai a samu wadda za ta zauna da ita, kar a bar ta da labarin ƙawaye na hanyar ɗebo ruwa.

Yaushe za a fara? Da kin ga ta fara ƙirgen dangi. Yawanci tsakanin fitowar ƙirji da jinin farko wajen shekara 2 ne, kuma yawancin yara suna farawa tsakanin shekara 10 zuwa 15. Za ki ga ta yi tsawo farat ɗaya, gashi ya fito a hammata da gaba, ƙuraje a fuska, gumi ya canza wari, sai ɗan farin ruwa a wando wanda ba ya ƙaiƙayi ba ya wari, wannan alama ce ta kusa.

Ba sai kin shimfiɗa tabarma kamar za a yi shari'a ba. Kina mata kitso ko kuna ɓarar gyaɗa ku biyu sai ki ce: "'Yar nan kin fara girma, wata rana za ki ga jini a wandonki, kar ki ji tsoro, ba ciwo ba ne ba rauni ba ne, ni ma ina yi, innarki ma tana yi. Mahaifa ce take yin shimfiɗa a cikinta duk wata, in babu ciki sai shimfiɗar ta zubo. Ranar da kika gani ki zo wajena, ba zan yi miki faɗa ba." Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi komai. Ki ƙara mata da cewa Annabi (SAW) ya samu Nana A'isha tana kuka a hanyar aikin Hajji saboda jinin ya zo mata, ya ce abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata.

Ki nuna mata da hannu yadda ake kunzugu. In akwai kuɗin audugar mata to, in babu tsumman atamfa mai laushi mai tsabta ya isa, a canza duk bayan awa 4 zuwa 6, a wanke da sabulu a shanya a rana. Don Allah a daina cusa shi da danshi ƙarƙashin katifa saboda kunya, daga nan ake kwasar ƙaiƙayi. Ta riƙa wanka kullum, jini ba ya hana wanka. Ki ƙulle mata kunzugu guda ɗaya a jakar makaranta tun yanzu.

Jinin yakan yi kwana 2 zuwa 7. A shekarar farko ko ta biyu yana iya tsallake wata, kar ku ɗora mata zargi. Ciwon mara kuma a dumama da tsumma mai ɗumi ko ta sha farasitamol, a ba ta zogale da wake da hanta in an samu saboda ƙarin jini. Amma in yana wuce kwana 7, ko tana jiƙe kunzugu duk awa ɗaya, ko jiri na ɗibarta, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba, a je wajen malamar asibiti.

Ki koya mata fashin sallah da azumi, azumi ake ramawa ban da sallah, sannan wankan tsarki in ya ɗauke. Batun maza kuma a daina cewa "in namiji ya taɓa ki ciki za ki yi", ranar da ta gane ba haka ba ne ta daina yarda da maganarki. Ki faɗa mata gaskiya, yanzu in aka sadu da ita za ta iya ɗaukar ciki, kuma duk wanda ya nemi taɓa jikinta ko ɗan gida ne ta faɗa miki.

Ku kuma iyaye maza, in uwar ɗaki ta ce a ba da kuɗin sabulu da auduga ranar kasuwa, ku miƙa kawai ba sai an yi muku bayani a gaban yarinya ba.