Shirin rangwamen mako biyu: kayan da za su shiga, farashinsu da inda za mu tsaya

Zuwa ga Maigida
Daga mai kula da lissafin shago
Kwafi: mai kula da sito, mai karɓar kuɗi

Ranka ya daɗe, ga shirin da ka ce in kawo kafin a buga sanarwa. Rangwamen zai fara Litinin 3 ga wata mai kamawa, ya ƙare Lahadi 16. Shawarata tun farko ita ce kada mu yi abin da aka faɗa a zaman da ya wuce, wato a rage kashi 25 cikin 100 a kan komai. Kaya huɗu kawai nake so mu taɓa, kowanne da irin rangwamen da zai iya ɗauka. Duk alƙaluman da ke ƙasa ban sa harajin sayarwa a ciki ba, tunda ba kuɗinmu ba ne.

Nawa kaya suka tsaya mana

Kuɗin da ke kan rasiɗin dila ba shi kaɗai ne kuɗin kaya ba. Na haɗa da kuɗin dako, da abin da muke asara a kayan da suka lalace ko aka dawo mana da su, da leda ko kwali, da abin da banki ke cirewa idan an biya da kati. Ga yadda suka fita a kan kowane guda:

| Kaya | Farashin sayarwa | Yadda ya tsaya mana | Riba | Cinikin mako biyu |
|---|---|---|---|---|
| Butar lantarki | 200 | 136 | 64 | 60 |
| Dutsen guga | 150 | 117 | 33 | 50 |
| Katakon guga | 80 | 40 | 40 | 8 |
| Bargo | 100 | 58 | 42 | 10 |
| Ƙwan fitila | 20 | 11 | 9 | 300 |

Dutsen guga shi ne ya nuna haɗarin rangwamen bai-ɗaya. Muna sayo shi 100, mu sayar 150, shi ya sa yaran shago ke cewa ribarsa kashi 50 ce, don haka rage kashi 25 ba zai yi mana komai ba. Wannan kashi 50 ɗin daga kuɗin saye aka auna shi, rangwame kuwa daga kuɗin sayarwa ake cire shi. Kashi 25 na 150 shi ne 37.5, farashi ya koma 112.5, alhali dutsen ya tsaya mana 117. Kowane guda da ya fita ƙofa, mun bi shi da 4.5 daga aljihunmu. Gwargwadon yawan masu saye, gwargwadon yawan asarar.

Ko inda ba a faɗa ƙasa da kuɗin kaya ba, rangwame yana cin riba da sauri fiye da yadda ido ke gani, domin dila ba ya rage mana nasa. Butar lantarki ta kan kawo mana 3,840 a mako biyu. Idan muka rage kashi 10, ribar kowace ta sauka daga 64 zuwa 44, sai mun sayar da 88 kafin mu koma inda muke. Idan muka rage kashi 20, riba ta zama 24, sai mun sayar da 160. A kashi 30, riba 4 ce, ana buƙatar buta 960, abin da ba mu taɓa sayarwa ba ko a wata shida. Lissafin mai sauƙi ne, kowa zai iya yi: a raba ribar da aka saba samu da sabuwar ribar guda ɗaya, abin da ya fito shi ne adadin da dole a sayar.

Butar lantarki

Ita za mu sa a gaban sanarwa, don mutane sun san farashinta, suna kwatanta shi da na wasu. Za a rage kashi 10, daga 200 zuwa 180. Burinmu mu sayar da 100. A sito 70 ne suka rage, saboda haka sai an yi oda kafin ranar 3. Dilan ya ce da baki zai rage mana 5 a kowace idan muka ɗauki 100 lokaci guda. Ban sa wannan a lissafi ba sai ya rubuto. Mutum ɗaya ba zai wuce buta biyu ba, don kada masu sarin kaya su kwashe su a ranar farko su je su sayar da su a farashinmu na da.

Dutsen guga

Farashinsa ba zai motsa ba. Abin da za mu yi shi ne haɗa shi da katakon guga, wanda ribarsa rabin farashinsa ce amma ba ya tafiya. Biyun a ware 230 ne, a haɗe 210. Sun tsaya mana 157, saura 53. Wanda da dutse kawai zai saya ya bar mana 33, yanzu ya bar 53. Mutum takwas ɗin da dama kan sayi katako za su ci rangwamen 20 kowannensu, wato 160 ta tafi a kan waɗanda ba sai an roƙe su ba. Sababbin mutum takwas sun isa su mayar da ita, duk abin da ya haura haɗi 16 ƙari ne. Ina sa ran 25.

Bargo

Nan matsalar daban ce. Guda 140 ne jibge a sito, kuɗin da muka biya dila 7,280 yana kwance a cikinsu, kuma a yadda suke fita, goma a mako biyu, sai sun fi wata shida kafin su ƙare. Lokacin sayensu yana wucewa, wurin da suka tare kuma muna buƙatarsa. Za mu ce wanda ya sayi ɗaya a 100, na biyu 50 ne. A lissafi daidai yake da rage kashi 25 a kan kowanne, amma bambancinsa shi ne mai sayen guda ɗaya zai biya cikakken kuɗi, rangwamen sai wanda ya ɗauke mana biyu. Biyun sun tsaya mana 116, mun karɓi 150, riba 34. Mai kula da sito ya so a ce "sayi ɗaya, ɗauki ɗaya kyauta", don ya fi daɗin ji. Ya fi daɗin ji kam, sai dai 100 ne za mu karɓa a kayan 116.

Ƙwan fitila

Huɗu a 70 maimakon 80, riba 26. Guda ɗaya yana nan a 20. A ajiye su kusa da wurin biyan kuɗi. Ban ɗora buri mai yawa a kansu ba, domin wanda ya sayi huɗu yau zai daɗe bai dawo neman ƙwai ba.

Farashin da ba a sauka ƙasa da shi

Haya, albashi da kuɗin wuta ba sa cikin alƙaluman da ke sama, daga riba ake biyan su. Saboda haka sayarwa daidai kuɗin kaya ma asara ce. Na sa wa kowane kaya iyaka, kusan kashi 10 sama da yadda ya tsaya mana: buta 150, dutsen guga 129, bargo 64, ƙwan fitila 13. Ba wanda zai sauka ƙasa da wannan, ko kayan ya ɗan yi tabo, sai da izininka. A manna takardar a cikin aljihun teburin kuɗi, ba inda masu saye za su gani ba. Idan dila ya ƙara farashi a tsakiyar rangwamen, zan sake lissafin da sabon farashi a ranar, domin da shi za mu mayar da kayan da muka sayar, ba da tsohon ba.

Rangwame ba zai hau kan rangwame ba. Abokan cinikinmu masu katin kashi 5 za su zaɓi ɗaya, ko na katin ko na sanarwa. Haka kuma ba sauran "a ɗan duba mini" a kan kayan nan huɗu. Buta 180, a cire kashi 5 ta zama 171, yaro ya ji kunyar wanda ya sani ya sake rage 10, sai ga riba ta koma 25 ba tare da kowa ya lura ba. Kayan rangwame kuma ba a ba da su bashi. Wanda ya dawo da kaya, abin da ya biya za a mayar masa, kuma wanda ya dawo da bargo ɗaya cikin biyu 50 zai karɓa.

Farashin da za a rubuta a matsayin "na da" shi ne mafi ƙanƙanta da muka sayar a kwana 30 da suka wuce. Ba za mu ɗaga farashi a makon nan don rangwamen ya yi kama da babba ba. A ƙasashe da dama doka ta hana hakan, ko ba doka ma masu zuwa kullum sun san farashinmu, kuma su ne ba ma so mu rasa.

Abin da nake sa ran samu

A mako biyu na yau da kullum kayan nan suna kawo ribar 8,930. Buga sanarwa, tura saƙonni ga abokan ciniki da ƙarin mutum ɗaya a ƙarshen mako za su ci 600. Idan muka sayar da buta 100, riba 4,400 ke nan. Dutsen guga 55, 25 daga ciki da katako, 2,315. Bargo 86, wato bibbiyu sau 40 da ɗaiɗai 6, 1,612. Ƙwan fitila 420, 320 daga ciki hurhuɗu, 2,980. Jimla 11,307, a cire 600, saura 10,707. Ƙarin da aka samu 1,777 ne.

Ba duka nake ƙirga shi riba ba. Wasu daga cikin masu sayen buta da ƙwai dama za su saya a ƙarshen wata, rangwame ne ya matso da su. Idan cinikin mako biyun da ke biye ya faɗi da kashi 15, kusan 1,340 ta fita, saura 437. Ƙarin ba shi da yawa, na sani. Babban amfanin yana wurin barguna: 6,600 za ta shigo hannu daga kayan da suke kwance, mu juya ta a abin da ke tafiya.

Mai karɓar kuɗi za ta rubuta adadin kowane kaya da ya fita kowace yamma, da abin da masu sayen buta suka ƙara saya. Daren Lahadi 9 za mu zauna. Idan buta ba ta kai 44 ba, rangwamen bai biya kansa ba, kuma ba za mu ƙara zurfafa shi ba. Za a sauya mata wuri a shago, a sake tura saƙo. Idan ƙasa da 35 ce, ranar Litinin farashinta ya koma 200. Don mu samu damar yin haka ba tare da saɓa alkawari ba, sanarwa za ta ce rangwamen buta na makon farko ne, idan ya karɓu mu sanar da ƙarin mako. Sauran kayan ranar 16 za su tsaya, ko da ciniki na tafiya, don kada mutane su saba jiran rangwame kafin su saya.

Abu uku nake jira daga wurinka kafin Alhamis: amincewa da odar buta 100, amincewa da 600 na sanarwa, da sa hannu a takardar iyakar farashi. Idan dilan ya rubuto ragin 5 ɗin kafin nan, zan kawo maka sabon lissafin butar.